Babi na Bakwai: Daga Bakin Likita Zuwa Takardar Tiyata

Likitan da ya fito daga ɗakin tiyata ba ya ba da labarin aikin da ya yi bisa tsarin da takarda take so. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi yake fara faɗa, abin da ya saba yi kullum kuwa sai ya tsallake shi, don a ganinsa kowa ya sani. Yana magana yana cire safar hannu, yana amsa waya, yana tambayar ko an shirya mai naƙudar da ke jiran layi. Wanda ke riƙe da biro, ƙaramin likita ne ko wanda ya taimaka a aikin, shi aka bar wa mayar da wannan zance takardar da wani zai dogara da ita bayan kwana biyar ko shekara biyar. Abin da nake son kafawa a wannan babi shi ne, aikin mai rubutun nan ya fi kwafe magana nauyi, amma bai kai ga ƙirƙira ba. An ba shi ikon ya sake wa maganar likita tsari, ya rarraba ta gida huɗu, wato dalilin tiyata, matakan da aka bi, abin da aka tarar, da yadda aka rufe. Ba a ba shi ikon ya ƙara ko kalma ɗaya daga kansa ba. Inda ya ga giɓi, tambaya zai yi.

Dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani a wuri irin Dutsin-Ma da Kurfi shi ne yadda mara lafiya yake yawo tsakanin hannuwa. Garuruwan biyu kowanne yana da babban asibitinsa na jiha, kuma Kurfi tana kan hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma zuwa birnin Katsina, tafiyar wajen kilomita 60. Mutumin Birchi ko Wurma da aka yi wa tiyata a ɗaya daga cikin asibitocin nan, in al'amari ya rikice, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za a nufa da shi, wani lokaci ma har Kano ko Shika. Likitan da zai karɓe shi can bai ga cikin cikinsa ba, bai san wanda ya yi aikin ba, kuma da tsakar dare ba lallai ne waya ta shiga ba. 'Yan uwan da suka rako shi iyakar saninsu an yi masa aiki a ciki. Takardar nan ita kaɗai ce ta shiga ɗakin tiyata ta kuma fito tare da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci adana bayanan marasa lafiya, amma doka tana iya tilasta a ajiye takarda, ba ta iya sa takardar ta amsa tambayar da za a yi mata.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi dalla-dalla, kuma na zaɓi hujewar hanji sanadiyyar zazzaɓin taifot domin likitocin Arewa sun san ta sarai. Ƙwayar cutar tana cin wasu wurare na musamman a bangon ƙarshen ƙaramin hanji, galibi a mako na biyu zuwa na uku na ciwon, har wurin ya huje abin da ke cikin hanji ya kwarara cikin ciki. A ƙaddara yaro ne ɗan shekara 14 daga wani ƙauye a ƙasar Kurfi, an gama yi masa aiki, babban likita ya jingina da bango yana cewa: «Kai, cikin nan ya ɓaci. Muna buɗewa sai ruwan ɗiwa haɗe da kashi, ya kai lita ɗaya. Huji biyu ne, a'a, ɗaya ne ya huje, ɗayan dai ya yi laushi yana dab da fashewa, shi ma na ɗinke shi. Taifot ce, ba shakka. Na gyara bakin hujin na rufe shi hawa biyu. Mun wanke sosai. Yaron ai sati biyu yana zazzaɓi kafin su kawo shi, hoton ƙirji ma ya nuna iska. Na sa roba. Mun rufe kamar kullum. A ci gaba da allurai, kada ya ci komai.» Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ga wanda ya tsaya a gefen tebur ya ga aikin, zancen ya wadatar. Ga baƙon likita kuwa, kusan kowace jimla tana da ƙofar da aka bari a buɗe.

Gida na farko, dalilin tiyata, shi ne abin da aka sani kafin wuƙa ta taɓa fata, kuma nan ne kuskuren farko yake shiga. A zancen likitan, dalilin ya zo can tsakiya, bayan an riga an faɗi abin da aka gani a ciki, saboda haka mai rubutu sai ya ji kamar ya rubuta «hujewar hanji ta taifot» a matsayin dalili ya wuce. Amma kafin a buɗe, abin da ke hannu shi ne zazzaɓin mako biyu, ciki da ya kumbura ya sandare yana ciwo ko'ina, da hoton ƙirji da ya nuna iska a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wannan yana nuna wani abu ya huje, ana kuma zaton taifot, amma gyambon ciki ko afendis da ya fashe suna iya kawo hoto mai kama da haka. Don haka ake rubuta abin da aka yi zato kafin aiki a layi ɗaya, abin da aka tabbatar bayan aiki a wani layin dabam, ko da sun zo ɗaya. Ranar da suka saɓa, wannan tazarar ce take nuna cewa shawarar buɗe cikin tana da hujja a lokacin da aka yanke ta. A gidan nan ne kuma ake sa kwanan wata da ƙarfe nawa, cewa aikin gaggawa ne, sunayen wanda ya yi da wanda ya taimaka da mai ba da maganin barci, da irin maganin barcin. Likita ba ya faɗin waɗannan da baki, amma suna nan a rajistar ɗakin tiyata da takardar mai ba da maganin barci, kuma daga can ake ɗauko su.

Gida na abin da aka tarar shi ne zuciyar takardar, shi ne kuma ya fi lalacewa a hannun mai gaggawa. Ƙa'idarsa ita ce a rubuta abin da ido ya gani da abin da aka auna, a bar fassara gefe. «Cikin ya ɓaci» hukunci ne, ba ya gaya wa kowa komai. «Ruwan ɗiwa haɗe da kashi, kimanin lita ɗaya» shi ne bayani, kuma mai rubutu zai leƙa kwalbar injin zuƙe ruwa ya ga ko ma'aunin ya yi daidai da abin da aka faɗa. Sai gyaran da likitan ya yi wa kansa a tsakiyar jimla. Wanda ya kama rabin farko zai rubuta huji biyu, wanda ya kama na biyu zai rubuta huji ɗaya ya mance da wurin da ya yi laushi, kuma dukansu sun ɓata labarin. Gaskiyar ita ce huji ɗaya, da wuri ɗaya mai shirin hujewa, wanda ke nufin ɗinki a wurare biyu a jikin hanjin. In bayan kwana shida kashi ya fara fitowa ta robar, wanda zai sake buɗe cikin yana bukatar sanin cewa wurare biyu zai nema, kuma in ya tarar da huji a wuri na uku, sabon huji ne da cutar ta yi, ɗinkin farko bai warware ba. Waɗannan abubuwa biyu ne dabam, da magani dabam da kuma darasi dabam.

Abin da likitan bai faɗa ba sam shi ne inda hujin yake da girmansa, alhali kuwa shi ne ma'aunin da aikin gaba ɗaya ya rataya a kansa. Ana auna hujin taifot ne daga mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji, a ƙirga santimita nawa ne zuwa sama. Yawancinsu suna cikin santimita 60 na ƙarshe, a gefen hanjin da ke nesa da shimfiɗar jijiyoyin jininsa. Huji guda ƙarami da ke nesa da mahaɗar ana iya gyara bakinsa a ɗinke. Hujoji da yawa da suka taru kusa da juna sukan sa a yanke wannan yanki a haɗa bakin biyu. Wanda ya matso dab da mahaɗar, ko hanjin da ya ruɓe a jikin yaron da ya galabaita, yakan sa likita ya gwammace ya fito da bakin hanji ta fatar ciki na wani lokaci. Saboda haka in takarda ba ta faɗi nisan ba, mai karatu ba zai iya gane dalilin zaɓin da aka yi ba. Nan mai rubutu zai ɗaga kai ya ce, «Yallaɓai, santimita nawa daga mahaɗa? Kuma an bi hanjin duka?» Tambaya ta biyun tana da nauyi, domin abin da aka duba aka ga lafiyarsa lau shi ma abin da aka tarar ne. In an bi ƙaramin hanji daga farkonsa zuwa ƙarshe ba a ga wani huji ba, a rubuta haka. In afendis lafiya yake kuma an bar shi, a rubuta, don kada wani likita bayan shekaru ya ga tabon tsakiyar ciki ya ɗauka an cire shi. Shirun takarda ba ya bambanta tsakanin «an duba babu komai» da «ba a duba ba».

Akwai kuma «taifot ce, ba shakka». Mai yiwuwa likitan yana da gaskiya, don wanda ya ga irin hujin nan da yawa yana gane shi. Duk da haka wurin wannan magana layin cutar da aka gano bayan aiki ne. A ƙarƙashin abin da aka tarar, siffar hujin za a bayar, sannan a faɗi ko an ɗauki naman bakin hujin an sa a kwalbar fomalin don gwaji, da inda aka aika shi. A asibitin da ba shi da ɗakin gwajin nama, sau da yawa 'yan uwa ne ke ɗaukar kwalbar zuwa birni, kuma in takarda ba ta ambace ta ba, babu wanda zai tuna ya nemi sakamakon.

Matakan aiki sun fi sauƙi, domin lokaci ya riga ya jera su. Ana farawa da yadda aka kwantar da mara lafiya da irin yankan, a nan yankan tsakiyar ciki a tsaye, sannan a bi abin da aka yi ɗaya bayan ɗaya. «Na rufe hawa biyu» yana bukatar sunan zare da kaurinsa, misali bikril mai lamba 2/0. «Mun wanke sosai» yana bukatar lita nawa na ruwan gishirin asibiti mai ɗumi. Wasu asibitoci suna sa abin da aka tarar kafin matakai, wasu bayansu, kuma ban ga abin jayayya a nan ba muddin ba a cakuɗa su ba. Ni dai na fi son a fara da abin da aka tarar, saboda shi ke bayyana dalilin kowane mataki, amma in fom ɗin asibiti ya zo da nasa jeri, a bi shi.

Gida na huɗu shi ne wanda «kamar kullum» take cinyewa. Kullum ɗin wannan likita ba shi ne na wancan ba. A cikin da ya gurɓata da kashi, wani yana ɗinke bangon ciki gaba ɗaya da nailan mai lamba 1 ya rufe fata da ɗinki ɗaiɗai masu tazara, wani kuma yana barin fatar a buɗe sai bayan 'yan kwanaki ya rufe, don gudun ɗiwa ta taru a ƙarƙashi. Nas ɗin da za ta buɗe bandeji da safe in ta ga fata a buɗe, dole ta san ko da gangan aka bar ta ko ɗinki ne ya fashe, domin na biyun komawa ɗakin tiyata ne cikin gaggawa. «Na sa roba» ma haka take. Wace iri, ina bakinta yake a ciki, ta wane gefe ta fito, guda nawa ce, kuma yaushe za a cire? Sai ƙidayar ƙyallayen tsane jini da allurai da kayan aiki, wadda likitan bai ambata ba. A nan jarabar cike giɓi ta fi ƙarfi, don jimlar «ƙidaya ta cika» tana zuwa hannu da kanta. Amma ba likita ke ƙidayar ba, nas ɗin da ke miƙa kaya ce da abokiyar aikinta, kuma daga bakinta ake karɓar wannan jimla. Wanda ya rubuta ta ba tare da ya ji ba ya ba da shaidar abin da bai gani ba.

Bayan tambayoyi kaɗan da ba za su ci minti biyu ba, zancen ɗazu zai koma kamar haka, ko da yake a asibitocin Najeriya da Turanci ake rubutawa. Dalili: zazzaɓin mako biyu, alamun kumburin tantanin ciki gaba ɗaya, iska a hoton ƙirji, ana zaton hujewar hanji ta taifot. Abin da aka tarar: ruwan ɗiwa da kashi kimanin lita ɗaya, huji guda mai faɗin santimita 1 a nisan santimita 20 daga mahaɗa, wuri mai laushi da bai huje ba a santimita 35, sauran ƙaramin hanji da afendis lafiya. Matakai: yankan tsakiya, an zuƙe ruwan, an yanke bakin hujin an aika gwaji, an ɗinke hawa biyu da bikril 2/0, an lulluɓe wuri mai laushin da ɗinki, an wanke da lita 3. Rufewa: robar tsane ruwa guda a ƙasan mara ta fito ta dama, ƙidaya ta cika bisa shaidar nas, bangon ciki da nailan 1, fata a buɗe za a duba a rana ta huɗu, jinin da ya zuba kimanin mililita 200. Daga nan umarnin bayan aiki ya biyo, kuma «a ci gaba da allurai» ta koma sunan kowane magani da adadinsa da lokacinsa.

Ƙorafin farko da za a yi shi ne na lokaci, kuma ba ƙorafin banza ba ne. A asibitin da likita ɗaya ko biyu ke riƙe da ɗakin haihuwa da na gaggawa da na tiyata, minti goma na rubutu minti goma ne da aka ɗauke wa wani mai jira. Amsata ita ce tsarin gida huɗu shi ne ma hanya mafi gajarta. Takardar da ke sama ba ta fi zancen likitan tsawo da yawa ba, kuma da zarar an ja layuka huɗu a farar takarda, gidan da ya zauna fayau yana nuna kansa tun likita bai bar ɗakin ba. Jerin binciken lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya riga ya tanadi ɗan tsayawa kafin a fitar da mara lafiya, inda ake tabbatar da sunan aikin da aka yi, da ƙidayar kaya, da alamar da aka sa wa naman gwaji, dukansu da baki. Binciken da aka buga a 2009 kan asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, ya nuna mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari bayan fara amfani da jerin. Ba zan ce takardar tiyata ce ta jawo wannan ba, jerin ya ƙunshi abubuwa da yawa. Abin da nake ɗauka daga ciki shi ne, wannan ɗan tsayawar ita ce daidai lokacin da mai rubutu zai yi tambayoyinsa, kowa yana nan.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi. Masu shi suna cewa tsari yana haifar da rubutun haddace, inda kowace takarda take kama da 'yar uwarta kamar bulon da aka fitar daga ma'auni ɗaya, har ka rasa abin da ya bambanta wannan mara lafiya da wancan. Wannan yana faruwa, kuma ana gane shi: jinin da ya zuba kullum adadi ɗaya, ba a taɓa samun matsala ba, kowane wanki an yi shi «sosai». Amma laifin yana wajen cike giɓi daga al'ada, wanda shi ne abin da na ce an haramta wa mai rubutu. Aikin fiɗar haihuwa yana nuna haɗarin a fili. Galibi ana yanka mahaifa ne a kwance a sashenta na ƙasa, kuma hannu ya saba rubuta haka. To amma in jariri ya gitta aka ƙara yankan zuwa sama, likita zai iya faɗin haka a cikin rabin jimla, mai rubutun haddace kuma ya wuce shi. Tabon fata ba ya nuna irin yankan da ke jikin mahaifa. Matar da aka yi wa yankan ƙasa sau ɗaya ana iya barin ta gwada haihuwa da kanta a asibiti, don haɗarin fashewar mahaifa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a yawancin bincike, amma wadda yankanta ya hau sama haɗarinta ya ninka sau da yawa, kuma ba a barin ta shiga naƙuda. Bayan shekara biyu in ta zo awon ciki a Kurfi ko Dutsin-Ma, wannan layi guda ne zai raba hukuncin. Maganin haddace shi ne mai rubutu ya kasa kunne musamman ga duk inda likita ya ce «sai dai», «amma», ko «na ɗan ƙara», domin nan ne aikin ya bar hanyar da aka saba.

Na uku kuwa cewa ake yi me ya sa likitan ba zai rubuta da hannunsa ba. Hakan ya fi, kuma ƙa'idojin da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila ta fitar a 2014 sun ɗora wa mai yin aikin alhakin tabbatar da cewa akwai takarda bayyananniya da za ta bi mara lafiya zuwa ɗakin jinya, yadda wani likita zai iya ci gaba da kula da shi. Amma inda aiki ya yi yawa wakilci ba ya ƙarewa, kuma ƙaramin likita yana koyon tiyata ta wannan rubutun fiye da yadda ake zato. Abin da ba ya wakiltuwa shi ne karantawa da sa hannu. Mai rubutu ya sa sunansa a matsayin wanda ya rubuta, ya karanta wa babban likita gidan abin da aka tarar da na rufewa da babbar murya, shi kuma ya gyara ya sa hannu a ranar. In tambaya ta rage ba a sami amsarta ba, a bar wurin da alamar cewa ana jiran tabbaci, kuma in amsar ta zo daga baya a ƙara ta a ƙasa da kwanan wata da lokaci, kada a goge na farko. Haka nan matsalar da ta auku a tsakiyar aiki, kamar hanji da ya ɗan yage wajen raba shi da inda ya manne aka ɗinke, tana shiga cikin matakai da inda take da yadda aka gyara ta. Tsoron shari'a yakan sa a so a ɓoye irin wannan, amma wuri na uku ne da aka ɗinke a jikin hanjin yaron, kuma likitan da zai karɓe shi a Katsina yana bukatar ya san da shi kafin ya ɗauki wuƙa.